Yadda za ka riƙe iyafis mara waya har batirinsa ya kai ka shekaru

Ɗan yayata direban adaidaita ne, kuma cikin shekara biyu ya sayi iyafis mara waya sau uku. Kowanne da irin mutuwar da yake yi, amma labarin ɗaya ne: yana sabo ya yi awa biyar a kunne, bayan wata bakwai ko takwas sai na dama ya koma minti arba'in, daga nan a jefa shi cikin durowa. Da ya kawo mini na ukun yana cewa "Kawu, kayan yanzu duk jabu ne", sai na ce ya ba ni labarin wuninsa tun daga asuba. Kafin ya kai azahar na gane inda matsalar take. Gidan cajin yana wuni a gaban keken, kusa da gilashi, rana na dukansa. Kunnen dama kaɗai yake sawa. Da daddare kuma ya maƙala gidan a caji har gari ya waye, ko da saura rabi a cikinsa.

A kan wannan wuni nasa zan gina bayanin, domin kusan duk abin da ke kashe batirin iyafis yana ciki.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Batir uku ne a wurinka. Kowane kunne yana da nasa ɗan mitsitsi, yawanci tsakanin 25 zuwa 60 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, sannan gidan cajin yana da nasa, wanda kan kai 300 zuwa 600 mAh. Ka kwatanta da wayarka mai 5000 mAh, za ka ga na kunne bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Dukkansu batirin lithiyam ne, irin na waya, kuma halinsu ɗaya. Bambancin shi ne ƙaramin ba shi da rarar da zai yi asara. Idan waya ta rasa kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta, za ta iya kai ka la'asar. Idan iyafis mai awa biyar ya rasa haka, awa guda cur ta tafi.

Abu uku ne suke tsufar da batirin lithiyam: zafi, daɗewa a cike fal, da faɗawa ƙasa har ya ƙare ƙarƙaf a bar shi a haka. Akwai kuma na huɗu wanda ba yadda za a yi da shi, wato yawan cikawa da ƙarewa. Irin wannan batir yakan yi zagaye 300 zuwa 500 kafin ya sauka zuwa kamar kashi 80 na ƙarfinsa na farko. Zagaye ɗaya yana nufin ka cinye daidai cikin batirin gaba ɗaya, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. In ka ci rabi yau, ka ci rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan.

Ga abin da ya sa iyafis ya fi waya wahala: duk lokacin da ka mayar da shi gidansa, gidan zai cika shi zuwa 100, ya ci gaba da riƙe shi a nan. Mafi yawan rayuwarsa a cike yake yin ta. Wannan ba ka da iko sosai a kansa. Abin da kake da iko a kai shi ne inda gidan yake kwana, inda yake wuni, da yadda kake ba shi wuta.

Mataki na farko: ranar da ka saya, ka auna shi

Kada ka saurari mai cewa a yi masa cajin awa takwas kafin a fara amfani, ko a bari ya mutu tukuna. Wannan shawarar zamanin batirin nikel ce, ta tsofaffin wayoyi da tocila, ba ta shafi lithiyam ba. Ka yi caji har fitilar gidan ta nuna ya cika, ka cire.

Abin da ya kamata ka yi a makon farko shi ne awo. Ka cika kunnuwan biyu, ka sa ƙarar a rabi, ka kunna karatu ko wa'azi ko duk abin da ka saba ji, ka duba agogo. Ka rubuta lokacin da kowane kunne ya mutu. Sannan ka ƙirga sau nawa gidan yake cika su kafin shi ma ya nemi caji. Ka ajiye waɗannan lambobi a waya. Bayan shekara, lokacin da ka fara zargin batirin, da su za ka kwatanta, ba da abin da aka buga a kwali ba, don na kwali an auna shi ne a yanayi mafi daɗi.

Mataki na biyu: ka raba shi da zafi

A nan zan daɗe, domin a ƙasashenmu nan ne ake asarar batir. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da AirPods tsakanin digiri 0 zuwa 35, a ajiye su kuma a inda bai wuce digiri 45 ba, kuma sauran kamfanoni ba su yi nisa da wannan ba. To ka tuna Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda iskar inuwa ma take haura 40. Motar da aka rufe a rana, gabanta yakan wuce digiri 60. Gidan caji baƙi da aka bari a wurin, ko a kan tagar shago, ko a aljihun gaba na babur, gasuwa yake yi a hankali.

Zafi shi kaɗai yana da illa, amma idan ya haɗu da cikar batir illar ninkuwa take yi. A gwaje-gwajen da masu nazarin batir suka saba kawowa, batirin da aka ajiye shekara guda a cike a digiri 25 yana komawa kamar kashi 80 na ƙarfinsa, wanda aka ajiye a cike a digiri 40 kuwa yana sauka zuwa wajen kashi 65. Ba a ma yi amfani da shi ba ke nan, ajiya kawai. To na hagun ɗan yayata kullum a cike yake cikin gidan, na dama ma can yake komawa caji, gidan kuma yana gaban gilashi daga hantsi har la'asar. Ba jabu ba ne ya kashe su.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Aljihun riga ya fi gaban mota nesa ba kusa ba, domin jikin mutum bai wuce digiri 37 ba kuma akwai inuwar tufa. Jaka da ke inuwa ta fi aljihu. A ɗaki mai rufin kwano, ƙasa-ƙasa ya fi saman sif ko kan talabijin sanyi. Kada ka haɗa gidan da waya a aljihu ɗaya lokacin da wayar take caji da fawa banki ko take ba wasu data, saboda zafinta zai ratsa shi. Kada kuma ka sa shi ƙarƙashin matashi yana caji.

Dokar da nake bi mai sauƙi ce. In na ɗauki gidan na ji ya fi tafin hannuna ɗumi, ba na maƙala shi a wuta sai ya huce, ko da minti ashirin ne. Caji da kansa yana haifar da ɗumi, kuma zuba wuta a batir mai zafi shi ne mafi munin haɗi. Haka in na dawo daga rana kunnuwan sun yi zafi, nakan ajiye su a tebur su ɗan sha iska kafin in mayar gida, tunda da sun shiga caji zai fara. A lokacin bazara na fi son yin caji bayan asuba ko da daddare kafin barci. Wani zai ce to a sa a firij mana. A'a. In ka fito da shi, raɓa za ta taru a ciki, ka gudu daga zafi ka faɗa a ruwa.

Mataki na uku: cajin gidan

Mu yi ɗan lissafi. A ce gidanka 400 mAh ne, kowane kunne 40. Cika su biyu daga ƙasa yana cin 80, da ɗan abin da ke salwanta a hanya, gidan zai cika su kamar sau huɗu. Wanda yake cinye cikin kunnuwansa sau ɗaya a rana, gidansa zai kai shi kwana huɗu. Me zai sa ya maƙala shi a wuta kowane dare? Abin da yake samu kawai shi ne batirin gidan ma ya koma zaman dindindin a 100.

Ka bari gidan ya sauka zuwa kamar kashi 30, wato fitila ɗaya ko biyu cikin huɗu, sannan ka yi caji. In kana kusa kuma gidan yana nuna lamba, ka cire a 80 ko 90. In ya kai 100 ba a yi ɓarna ba, abin gudu shi ne ya kwana a maƙale kullum. Mafi yawansu cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu suke cika, don haka tsakanin magariba da shirin barci ya ishe ka. Na san inda wuta ba ta da tabbas mutum yakan maƙala komai ne ya kwanta, ko za a kawo cikin dare. Ka bar wa waya da fitila wannan, shi gidan iyafis abincinsa kaɗan ne, fawa banki ma zai ƙosar da shi da rana.

Sai dai akwai wani tarko a fawa banki. Da yawansu in suka ji abin da aka maƙala yana jan wuta kaɗan, sai su ɗauka ya cika su kashe kansu. Ka dawo bayan awa guda ka tarar gidan bai ƙaru da komai ba, ka fara zargin batir. Wasu suna da yanayin ƙaramar wuta da ake shiga ta danna maɓallin sau biyu ko riƙe shi na ɗan lokaci, ka duba takardar naka.

Batun kan caja kuwa, ka karanta bayan gidan ko kwalin, yawanci za ka ga 5V, wani lokaci da 1A. Caja mai sauri ta asali daga 5V take farawa, ba ta ƙara ƙarfi sai na'urar ta nema, saboda haka ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kan caja na jabu da wutarsa ke hawa da sauka, musamman a kan ƙaramin janareta, ga kuma gida mai araha wanda kariyar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ni tsohon kan caja mai 5V na kamfanin kirki na ware masa, kuma ramin USB na kwamfuta ma yana yi sarai. In za ka kai shagon masu caji, ka tafi da naka kan da igiyarka, ka kuma karɓa da wuri, don teburin nan da wayoyi hamsin ke kai ba ya rabuwa da zafi.

Wani abu da ke ruɗa mutane: wasu gidaje masu araha da ke da ramin USB-C ba sa karɓar wuta da igiyar da bakinta biyu duk USB-C ne. Ba lalacewa suka yi ba, an yi musu rowar wasu 'yan kayan ciki ne. Ka gwada igiya mai faffaɗan baki a gefe ɗaya, za ka ga sun kama.

In gidanka yana caji ta ɗorawa a kan faifai ba igiya, ka taɓa shi bayan rabin awa ka ji. Wannan hanya ta fi igiya fitar da zafi, ƙari ma in bai zauna daidai tsakiya ba. A watannin zafi ka koma igiya.

Mataki na huɗu: kada gidan ya mutu da kunnuwa a ciki

Wannan kaɗan ne suka san shi. A iyafis da yawa, musamman masu araha, wutar gidan ce take gaya wa kunnuwan cewa suna gida, su yi barci. Idan batirin gidan ya ƙare, sai su farka su kama wayarka alhali suna cikin jaka. Alamar ita ce a kira ka ka ɗaga, ka ji shiru, ashe muryar tana can cikin gidan. A haka za su zauna a kunne har su ƙare ƙarƙaf. In aka bar su makonni a wannan hali, wutar batirin takan faɗi ƙasa da iyakar da zai iya farfaɗowa, ka sa a caji ko fitila ba za ta kama ba.

Su kansu kunnuwan, ka mayar da su gida idan suka yi kukan farko na ƙarancin batir, wajen kashi 20, kada ka jira su ɗauke da kansu kullum. Sau ɗaya a wata biyu ko uku ba laifi ka bar su su ƙare sannan ka cika su, yana taimaka wa lambar da waya take nunawa ta daidaita. Amma ba magani ba ne ga batirin.

Masu AirPods Pro ko AirPods na uku da iPhone suna da ɗan sauƙi. Ka shiga Settings, ka danna Bluetooth, ka taɓa alamar da ke gefen sunan naka, ka tabbata Optimized Battery Charging a kunne yake. Yana lura da lokutan da ka saba amfani, ya tsayar da cajin a kashi 80 sai dab da lokacin. In naka na wani kamfani ne mai manhaja, ka leƙa ciki ko akwai makamancinsa.

Mataki na biyar: raba aikin tsakanin kunnuwan

Mu koma ga ɗan yayata. Awa takwas yake da abu a kunne, na dama kaɗai, don na hagu yana jin fasinja da hon. Batirin awa biyar, aikin awa takwas, zagaye ɗaya da rabi da ɗoriya ke nan a rana. Cikin wata takwas na dama ya kusa zagaye 400, na hagu kuwa yana kwance a cike cikin zafi, shi ma yana tsufa ba tare da ya yi wa kowa aiki ba. Na ce masa daga safe zuwa azahar dama, daga azahar zuwa tashi hagu. A sabon iyafis, da haka kowanne zai koma ƙasa da zagaye ɗaya a rana, kuma babu wanda zai kai ƙasa.

Kira ya fi saurare cin batir, saboda makirfo yana aiki. AirPods Pro na farko awa huɗu da rabi aka rubuta masa na saurare da ANC, wato mai toshe hayaniya, amma awa uku da rabi na magana. Ƙarar da aka ƙure da ANC suna ƙara ci. In kana ɗaki shiru, kashe ANC ɗin. In kuma dogon kira za ka yi a gida, tsohon iyafis mai igiya ba ya cin zagayen kowa.

Gaskiyar lissafin ita ce, mai amfani awa biyu zuwa uku a rana yana cin zagaye kamar 180 a shekara, kuma in ya kiyaye zafi zai iya kaiwa shekara uku ko fiye da batir mai amfani. Mai awa takwas kullum ba zai kai haka ba komai kulawarsa, amma tsakanin wata takwas da shekara biyu akwai kuɗi.

Mataki na shida: goge bakin caji

Ka leƙa cikin gidan, za ka ga 'yan ƙusoshi biyu masu ruwan zinariya a kowane rami, a jikin kunnen kuma 'yan ɗigo biyu da suke taɓawa. Gumi yana da gishiri, ga ƙurar hunturu, ga dauɗar kunne, ga man shafawa. In suka taru, wuta ba ta wucewa sosai. Rabin waɗanda ke cewa kunne ɗaya ya mutu, a ganina, wannan ne ciwonsu.

Sau ɗaya a mako ka goge ɗigon da ƙyalle busasshe. Ramin gidan kuma ka sa tsinken auduga na goge kunne. In ka ga dauɗar ta daskare ko ta yi tsanwa, ka ɗan jiƙa audugar da sifirit, ka matse ta sosai, ka goge, ka bari ya bushe kafin ka mayar. Kada ka sa allura ko reza, za ka kankare rufin ƙarfen ya fara tsatsa. Kada sifirit ya taɓa ragar da sauti ke fita. Ka kuma danna kowace ƙusa a hankali da tsinken sakace, ya kamata ta shiga ta dawo. In ta maƙale a ciki, ita ce matsalar.

Bayan alwala ka bari kunnenka ya bushe kafin ka sa, kuma in ka yi gumi ka share kunnuwan kafin su shiga gida. Ko an rubuta IPX4 a kwali, wato alamar jure yayyafi da gumi, yawanci kunnuwan ake nufi, gidan ba ya jure ruwa.

In za ka ajiye shi ya daɗe

Ka bar gidan a wajen rabi, ka sa a durowa mai sanyi, ka sa wa kanka tuni a waya duk bayan wata biyu ko uku ka duba ka ɗan ƙara masa. Wannan ne ma ya sa nake duba ranar ƙira a kwali kafin in saya. Wanda ya shekara biyu a shago mai zafi tsoho ne ko da ledarsa ba a ɓare ba.

Yadda za ka gane batir ne ko wani abu

In kunne ɗaya ya fara gazawa, ka bi wannan tsari kafin ka yanke hukunci. Ka goge bakin cajin. Ka cika gidan. Ka sa kunnuwan, ka tabbata kowanne ya nuna alamar yana karɓar wuta, ka rufe awa biyu. Ka fito da su ka duba lambar kowanne a waya. In ɗaya ya fito a 100 ɗaya a 30, wutar ce ba ta isa gare shi, ka koma kan ƙusoshi, ko robar kunnen da ka canja ta yi girma ta hana shi zama. In duka sun fito a 100 amma ɗaya ya faɗo zuwa 20 cikin minti talatin, ko ya ɗauke alhali yana nuna 40, batirinsa ya tsufa. Sai ka sake awon nan na makon farko ka kwatanta. Gidan da dā yake cika su sau huɗu yanzu sau ɗaya da ƙyar, nasa batirin ne ya gaji.

Da muka bi wannan da na ɗan yayata, na hagu ya fito a 35. Ƙusa ɗaya ce ta maƙale da dauɗa, sifirit da tsinke suka tashe ta, ya koma awa uku da rabi. Na dama kuwa ya fito a 100 ya mutu a minti arba'in da biyar, wannan ba abin da zai dawo da shi. Wasu, kamar Sony WF-1000XM3 da Galaxy Buds na farko, batirinsu ƙwaya ce mai kamar maɓalli da mai gyara zai iya canjawa, amma mafi yawa manne suke da gam, buɗe su fasa su ne.

Akwai alamar da ba a jira a kanta. In murfin gidan ya daina rufuwa daidai, ko jikin kunnen ya fara buɗewa ta inda aka haɗa shi, ko ya yi zafin da ba ka iya riƙewa yana caji, ko ka ji wani wari mai kama da na sinadari, batirin ya kumbura. Ka cire shi daga wuta, kada ya sake shiga kunnenka, kada ka matsa shi ko ka huda. Ka sa shi a gwangwani da yashi nesa da katifa da yara, ka kai wa masu gyaran waya da ke tara matattun batura. Kada ka jefa a bolar da ake cinna wa wuta, fashewa yake yi.